Kanwar Hajja a Mujallar Likitoci

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Lahadi al'amarin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne saboda agogon ofishin Daktora yana daidai saman kanta, ni kuwa a wancan zamani ba na iya kallon idon babba idan yana magana, sai in nemi wani abu a bango in kafa masa ido.

Daktora ita ce babbar likitar sashen da nake koyon aiki a shekarata ta ƙarshe a makarantar likitanci, a nan Madina. Na kawo mata rahoton wata mara lafiya da na rubuta, irin wanda ake aika wa mujallar likitoci idan an ga ciwon da ba a saba gani ba. Shi ne rubutuna na farko, kuma ina bukatar a karɓe shi kafin a buɗe neman gurbin karatun ƙwarewa, domin ana duba wanda ya taɓa buga wani abu. Mujalla kuwa ba ta sauri, takan ɗauki watanni kafin ta ce e ko a'a.

Daktora ta karanta shafi bayan shafi tana gyaɗa kai. Har na fara jin daɗi. Sai ta iso takardar ƙarshe, ta amincewar mara lafiya, ta sauke tabarau zuwa kan hanci.

“Ya binti, 'yata, wannan sa hannun wane ne?”

Na ce, “Na ɗanta ne, Daktora. Babban ɗanta.”

“Mara lafiyar ta rasu?”

“A'a, tana nan lafiya lau.”

“Hankalinta ya gushe?”

“A'a. Ta ma fi ni hankali.”

“To ɗan nata ne ya sha kanwar?”

Na ce a'a, ina kallon agogo.

Ta yi dariya, ba ta mugunta ba, ta turo mini takardar. Ta ce babba mai hankali shi ke ba da izinin a buga labarin jikinsa, ba ɗa ba, ba miji ba, ba wa ba. Sannan ta sa yatsa a kan jimlar da na rubuta a ƙarshen rahoton, wadda ke cewa an sami rubutacciyar amincewa daga mara lafiya don a buga wannan bayani. Ta ce, “Wannan jimlar a yanzu ba gaskiya ba ce. Idan ta zama gaskiya, ki dawo mu aika.”

Mara lafiyar wata dattijuwa ce Bahaushiya daga unguwar Harra ta Gabas, wadda kowa a ɗakin mata yake kira Hajja. Irinmu ce: kakanninta sun zo hajji suka zauna, a nan aka haife ta, amma Hausa ta fi zama a bakinta. An kawo ta asibiti ne bayan ta kasa tashi daga kan darduma, ƙafafu sun saki, hannaye suna ɗaurewa. Jininta ya hau sosai, gwaji ya nuna sinadarin potasiyam ya yi ƙasa ƙwarai, bikabonet kuma ya yi sama. Ba ta amai, ba ta gudawa, maganin hawan jininta kuma ba irin mai sa fitsari ba ne. An tambaye ta ko tana shan ruwan sus, wanda wasu ke sha da azumi kuma yakan jawo irin wannan, ta ce ko ɗanɗanonsa ba ta so. Da aka rasa, sai Daktora ta ce mini, “Je ki zauna da ita, ku yi hira da harshenku, kada ki yi sauri.”

Na zauna. Ni ba mai hira ba ce, amma Hajja ba ta bukatar taimako a wannan fanni. Ta tambayi gidanmu, ta gano kakata, ta gaya mini wadda ta yi wa uwata lalle ranar aurenta. Can cikin zance ta ambaci ƙwannafin da ke damunta. Na ce me take sha idan ya taso? Ta ce ba ta shan magani, ɗan jiƙon kanwa kawai take yi, safe da yamma, wani lokaci har da rana. Tun yaushe? Tun bayan ƙaramar salla. Nawa take jiƙawa? Kamar ƙwallon dabino, in ji ta, wani lokaci kamar dabinon kansa.

Aka kawo guntun kanwar aka kai ɗakin gwaji, aka tarar mafi yawanta gishirin soda ne. Aka hana ta sha, aka mayar mata da potasiyam, aka ba ta maganin ƙwannafi na gaske. Kafin a sallame ta tana zagaya ɗakin mata tana gaishe da marasa lafiya gado gado.

A ranar sallamar ne na kawo takardar amincewa. Na miƙa wa Hajja, ita kuma ko kallonta ba ta yi ba, ta nuna ɗanta da haɓa. Shi ma'aikacin matatar mai ne a garin Yanbu, ya zo ɗaukarta, makullin mota a hannu. Ya duba, ya ce, “Bahasi ne na jami'a? Allah ya taimaka,” ya sa hannu. Ban ga wani abu a ciki ba. A gidanmu ma haka ake yi: duk wata takarda, ta wuta ce ko ta asibiti, yayana ake ajiye wa, Umma ba ta taɓa biro sai idan za ta yi wa kalanda alama.

Abin da ya fi ba ni haushi a ranar Lahadin nan shi ne, sauran aikin duk na yi shi da kyau, kuma na ji daɗin yin sa. Bayanan Hajja a warwatse suke lokacin da na fara. Akwai na likitan gaggawa, gajeru kamar wanda ake kora. Akwai na zagayen safe, kowace rana da mai rubutunta. Akwai jadawalin ma'aikatan jinya na awon jini da fitsari, da sakamakon gwaje-gwaje, da hoton bugun zuciya, da katin ƙaramin asibitin unguwarsu, ga kuma nawa rubutun na aljihu, rabi Larabci rabi Hausa. Bayan azahar, idan sashe ya lafa, sai in zauna a kwamfutar ɗakin likitoci in riƙa tsinto su ɗaya ɗaya, domin ba a fita da fayil ɗin mara lafiya.

Na fara da jera abubuwa bisa lokaci, a nan kuma na sha wuya. Kwamfutar asibiti da kwanan watan Miladiyya take aiki, katin asibitin unguwa da na Hijiriyya, Hajja kuma da salla da azumi da bikin jikarta take lissafi. A jerin farko da na yi, sai ya fito kamar jininta ya hau tun kafin ta fara shan kanwa, abin da zai rushe labarin gaba ɗaya. Da na koma na bi a hankali, na ga wata tara na katin Ramadan ne, ni kuma na ɗauke shi Satumba, sauran watannin ma duk haka na karanta su. Na mayar da kowane kwanan wata kalanda ɗaya, komai ya zauna a wurinsa. Bayan duk wannan wahala kuma sai na goge kwanakin gaba ɗaya, domin ba a sa su a rahoto, ana iya gane mutum da su. Suka koma “watanni kafin a kwantar da ita”, “ranar farko”, “ranar sallama”.

Daga nan na raba rahoton kashi kashi yadda mujallar ta shimfiɗa. Gabatarwa gajera, mai faɗin dalilin da ya sa labarin ya cancanci a karanta. Bayanin mara lafiya: shekarunta, ciwon da take da shi tun da, abin da ya kawo ta. Abin da aka gani a jikinta. Gwaje-gwaje a cikin tebur, kowanne da ma'auninsa da iyakar da ake ɗauka lafiya. Cututtukan da aka yi zato da yadda aka kore su. Magani, da yadda ta kasance da ta dawo bibiya. Sai tattaunawa, inda na kwatanta da abin da aka rubuta a kan masu shan sodar girki, na kuma faɗi raunin rahoton a fili: ba mu san ainihin yawan abin da ta sha ba, tunda da dabino aka auna. Taƙaitawa, wadda ke zuwa a farko, ita na rubuta a ƙarshe. Na cire sunanta, da lambar fayil, da sunan unguwa. Na bar cewa asalinta Afirka ta Yamma ne, domin in ba haka ba mai karatu ba zai san daga ina kanwa ta fito ba. Akwai wani kashi da ake kira ra'ayin mara lafiya, inda ake sa abin da ita kanta ta ce game da ciwonta. Wannan na bar shi fari, na ce ba dole ba ne.

Duk wannan yana nan daidai, amma ba zai motsa ba sai da sa hannun tsohuwa. Ko kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ba zai ba mu takardarsa ba sai ya gani.

Daktora ta gindaya mini sharuɗɗa. In karanta wa Hajja rahoton duka, da harshen da take ji. In gaya mata cewa kowa a duniya zai iya buɗe shi a intanet, cewa ko da babu suna wani na iya gane ta, cewa bayan an buga ba a janyewa, kuma idan ta ƙi babu abin da zai canza a kulawar da ake yi mata. Sa hannun kuma ba a gabana ni kaɗai ba, sai a asibiti, da shaida wanda ba ya cikin masu rubutun.

Ta ƙara da cewa, “Kuma idan ta ce a'a, halas, magana ta ƙare. Ki yi mata godiya ki nemi wani labarin.”

Na ce to.

Na kira lambar da ke fayil da izinin Daktora. Hajja ta ɗauka da ihu, irin na masu ganin waya ba ta kai murya sai an taimaka mata. Ta ce ba ta jin komai ta jawwal, wato wayar hannu, in zo gida ranar Alhamis bayan la'asar.

Kafin Alhamis na zauna mayar da rahoton Hausa, tunda da Turanci aka rubuta shi. Nan na gane Hausata ta kicin ce da gaisuwa. Na san sunan kowace miya, ban san yadda zan ce jini ya karkata zuwa alkali ba. Na riƙa bin Umma a falonmu na unguwar Khalidiyya ina tambaya.

“Umma, idan ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum, me ake cewa?”

“Ta saki. Ƙafar wa?”

“Ba kowa.”

“Ba kowa ne zai sa ki bi ni har bakin murhu da biro? 'Yar gidan wa ce?”

“Ba a faɗa, Umma. Sirrin mara lafiya ne.”

Ta juya miya, ta ce, “Ni na haife ki, yau ni ake ɓoye wa. Madalla da karatu.” Amma ta ci gaba da ba ni kalmomi, kuma na lura tana jin daɗin abin.

Ranar Alhamis na ɗauki tasi zuwa Harra ta Gabas. Direban ya sauke ni a bakin titi, ya ce motarsa ba za ta shiga lungun ba. Na bi tsakanin tsofaffin gidaje masu gindin baƙin dutse, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗiga a kan abayata, har na ga ƙofar da aka kwatanta mini. Tun daga takalman da ke bakin ƙofa na san akwai matsala. Sun yi yawa.

Ɗakin cike yake da mata, maƙwabta da 'yan uwa, ana shan shayi da na'ana'a, ga faranti na dabino da wani na ƙosai. Hajja tana tsakiya kamar ba ita ce ta kasa tashi daga darduma ba.

“Ga likitata! Ku matsa mata. Wannan da kuke gani shiru shiru, ita ta tashe ni.”

Na ce ba ni ba ce, Daktora ce da sauran likitoci. Ba wanda ya ji. Aka zaunar da ni, aka cika mini hannu da ƙosai. Wata ta nuna mini gwiwarta, wata ta ciro kwalin magani daga jaka ta ce in duba ko na gaske ne. Wata tsohuwa mai Hausar Chadi ta tambaya ko an yi mini miji, Hajja ta ce, “Ku bar ta, littafi ta aura, kuma ba ya faɗa.” Aka yi dariya, ni ma na yi, rahoton yana cikin jakata a kan cinya na dafe shi da hannu biyu.

Ina zaune na ji Hajja tana ba da labarin kwanciyarta asibiti. Ta faɗi allurai, ta faɗi abincin da babu gishiri, ta kwaikwayi tafiyar wani likita. Da aka tambayi abin da ya kwantar da ita, ta ce, “Hawan jini ne, kun san shi ba ya sallama.” Ba ta ambaci kanwa ba. Jim kaɗan wata maƙwabciya ta dafa ƙirji ta ce ƙwannafi ya hana ta barci jiya, amma ta yi jiƙon nan da Hajja ta koya musu, ya faɗa. Biyu suka ce su ma shi suke yi. Hajja ta ɗauki butar shayi ta shiga zuba wa wanda kofinsa bai ƙare ba.

Sai da aka kira magariba ɗakin ya watse. Muka yi salla, sannan na ce, “Hajja, maganar takardar nan ce.”

“Ai ɗana ya sa hannu.”

“Naki ake so.”

“Nasa ya fi nawa kyau. Shi ya yi makaranta.”

“Jikinki ne, Hajja. An ce ke za ki faɗa.”

“To na faɗa. Ke 'yata ce, kakarki ƙawar yayata ce. Yi duk abin da kika ga dama. Kawo in dangwala.”

Ta miƙo babban yatsa. Ga abin da na zo nema a gabana, amma na san ba shi ba ne. A wurinmu baƙon da ya ci ƙosanka ba ka ce masa a'a, balle jikar ƙawar yayarka. Na ce, “Sai na karanta miki tukuna. Kuma ba yau za ki sa hannu ba.”

Ta dube ni, ta gyara zama. “Ashe kina da baki.”

Na karanta. Hajja ba ta bar jimla ta wuce lafiya ba. Da na faɗi shekarunta ta ce na takarda ne, ranar haihuwar da hukuma ta ba ta ɗaya ga Rajab ce kamar ta rabin tsofaffin unguwar. Na ce shi ya sa na rubuta cewa ta haura sittin kawai. Da na ce ta sha kanwa kullum, ta ce ban da ranar Juma'a, domin ranar ɗanta yakan zo daga Yanbu. Na ciro biro na gyara. Da na iso wurin ƙwallon dabino ta yi dariya har ta share ido.

“Wannan ma sai Turawa sun ji?”

“Har da Larabawa, da duk mai intanet.”

“Babu sunana?”

“Babu. Babu unguwa, babu kwanan wata. Amma Hajja, an ce dattijuwa mai asalin Afirka ta Yamma, kuma sunan asibitinmu da na garin nan zai fito a ƙarƙashin sunayenmu. Wanda ya san kin kwanta zai iya haɗawa.”

Dariyar ta tsaya. Ta ce, “Jikar maƙwabciyata tana karatun haɗa magunguna. Komai ta gani a waya sai ta karanta wa kakarta.”

Na ce zai yiwu ta gani. Na gaya mata sauran: ba a janyewa bayan an buga, kuma idan ta ƙi, Daktora za ta ci gaba da duba ta kamar kullum, ni ma ba zan ji haushi ba. Wannan na ƙarshen na faɗe shi ne ina fatan ya zama gaskiya. Sannan na ƙara abin da ba ya cikin takarda. Na ce matan da ke yin jiƙon nan, musamman masu hawan jini ko ciwon ƙoda, ya kamata su daina su ga likita, ko an buga rahoto ko ba a buga ba. Na ce ni ba zan faɗa musu daga ina na sani ba.

Ta ɗauki carbinta tana ja. Can ta ce, “Bar mini takardar. Zan yi tunani.”

Ta rako ni har bakin lungu, ta cusa mini ledar ƙosai, ta ce in kai wa uwata. Da na isa gida Umma ta buɗe ledar, ta ɗanɗana ɗaya, ta ce, “Na san hannun nan.” Na ce ban ce komai ba. Ta ce, “Ni ma ban ce komai ba,” ta ci na biyu.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daga Hajja ba, kuma Daktora ta hana ni kira. Ta ce kira na biyu matsi ne. Na rage zafi da gyaran abin da ba ya bukatar gyara. Na sake jera manazarta yadda mujallar ke so, na rubuta wasiƙar da ke raka rahoto zuwa ga edita, na duba kowace lamba a tebur da ta kwamfuta. Abokan karatuna biyu suka aika nasu rahotannin, suka kawo basbusa, kek ɗin Larabawa mai zaƙi, ɗakin likitoci. Na ci, na taya su murna. A ɓoye kuma na fara duba marasa lafiyar sashe da idon neman wani labarin, ban ga kowa ba sai masu ciwon sukari da suka san ciwonsu fiye da ni.

Ɗan Hajja ne ya kira sashe wata safiya, aka haɗa shi da ni. Ya ce, “Daktora ƙarama, an ce sa hannuna bai yi ba? A matata ina sa hannu a kan abin da ya fi wannan haɗari.” Na fara ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ce wasa yake yi. Ya ce uwarsa ta sa shi ya karanta mata takardar amincewar ta Larabci sau biyu, ta kuma hana shi ba da shawara. “Ban taɓa ganin ta riƙe takarda haka ba. Ta sa ta a cikin jakar carbinta. Me kika ce mata?” Na ce abin da ke ciki kawai. Ya ce zai kawo ta ranar bibiyarta.

Ranar ta zo. Daktora ta nemo wata ma'aikaciyar jinya daga sashen yara, Bahaushiyar Sudan, wadda ba ta da hannu a rahoton, ta zama shaida kuma ta tabbatar Hajja ta fahimta. Aka auna jinin Hajja, yana daidai, gwajin potasiyam ma haka. Sannan Daktora ta roƙi ɗan ya jira a waje. Ya tashi yana cewa, “Yau an kore ni daga ofis,” uwarsa ta ce, “Je ka, ba da kai ake ba.”

Ma'aikaciyar jinyar ta bi wani kwafin takardar da ita layi layi da Hausa. Ta ce, “Hajja, faɗa mini da bakinki, me za a yi da labarin nan?”

“Za a sa shi inda kowa zai gani. Babu sunana, amma mai wayo zai gane. In ya fita ya fita. In na ƙi, ba za a hana ni magani ba.” Ta juya wurin Daktora ta ƙara da Larabci, “Sahih?”

Daktora ta ce sahih.

Ni ina tsaye a gefen labule, hannuwana a aljihun farar riga. Hajja ta buɗe jakar carbi ta ciro takardar, ta naɗe ta har ta yi laushi. Ba ta miƙa ba. Ta ce mini, “Ke, likitata, matso. A cikin abin da kika karanta mini akwai wurin da kika tsallake. Kika ce wurin maganata ne, kin bar shi fari.”

Na ce e, ra'ayin mara lafiya, ba dole ba ne.

“Wa ya ce? Kowa ya yi magana a takardar nan, har injin gwaji, sai ni mai ciwon? Ciro biro.”

Na ciro. Na dubi Daktora, ta ɗaga mini gira alamar in rubuta. Na tattara ƙarfin hali na yi tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita.

“Hajja, kin yarda a buga?”

Ta karɓi biron Daktora, ta rubuta sunanta da Larabci a hankali, harafi bayan harafi, irin rubutun allo, ta tura wa shaida. Sannan ta ce:

“Na yarda. Matan unguwa na tara su na faɗa musu da kaina, sun yi mini dariya sun gama, biyu ma sun je an auna su, saboda haka babu sauran abin da jikar wani za ta karanto. Amma ki rubuta wannan yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Kanwa ba ta yi laifi ba, a miya aka san ta, ɗan kaɗan. Ni ce na mayar da ita shayi. Kada wani likita a wata ƙasa ya karanta ya hana mutane miyar kuɓewa saboda ni.”